Kalma ɗaya a lokaci ɗaya: yadda na samo wa yayana hoton tallan rake

Yayana yana sayar da rake a Makarfi. A hutun da ya wuce ya ce in haɗa masa hoton talla da zai ɗora a WhatsApp. Na buɗe wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai zana hoto, na rubuta mata umarni da Turanci:

```
sugarcane seller in a market
```

Abin da ya fito, wani Ba'indiye ne tsaye gaban injin matse rake. Haushi ya sa na zuba kalmomi biyar a lokaci guda, hoto kuwa ya yi kyau. Matsalar ta taso da abokina na Ikara ya ce shi ma a yi masa na tumatir. Na kasa, don ban san wace kalma ce cikin biyar ɗin ta yi aikin ba. Ko manomi a Kudan, in ya canja iri da taki da ban ruwa a shekara ɗaya, ba zai iya ce maka ga abin da ya ƙara masa amfani ba.

Sai na koma farko da littafi da biro. Kowane gwaji layi ɗaya: abin da na canja, da abin da na gani.

Gwaji na 1, na ƙara `northern Nigeria`. Mutumin da kasuwar suka canja, amma injin na nan. Na 2, na ƙara `Hausa`, sai ga babbar riga da hula kamar ranar Sallah, shigar da ba mai fere rake da ita. Na cire ta, na rubuta dalili. Na 3, na sa `wheelbarrow`. Nan take injin ya ɓace, rake ya hau baro. Ashe kalmar da nake nema ke nan.

Amma a kula, waɗannan manhajoji suna fara kowane zane ne daga wata lamba da ake kira `seed`. In lambar ta canja, hoto zai canja ko da ba ka taɓa umarnin ba. A Midjourney ana kafe ta da `--seed 1234`. In manhajarka ba ta da wurin sa ta, ka maimaita kowane gwaji sau huɗu. Abin da ya fito sau ɗaya tak cikin huɗu, sa'a ce, kar ka rubuta shi da sunan aikin kalma.

Haka kuma kalmomi na shafar juna. Da na dawo da `Hausa` bayan baron ya shiga, hula kawai ta kawo, babu babbar riga. Shi ya sa yanzu nake kwafe cikakken umarnin a kowane layi.

Hoton tumatir gwaji uku ya ci. Yaya kuwa cewa ya yi, "Ƙane, ai raken ya fi nawa kauri."