Ragon Turke: Ina Ribar Take, Ina Take Zurarewa?

Da wuya mutum ya shiga unguwa a Kano, Katsina ko Maraɗi watanni uku kafin Babbar Sallah bai ji kukan rago daga zaure ko bayan ɗaki ba. Matan aure, 'yan fansho, malaman makaranta, har da samari masu ɗan jari, kowa ya kafa turkensa yana jiran Zulhajji. Sai dai idan aka zauna da biro da takarda bayan Sallah, da yawa daga cikin masu murnar sun ci riba za su tarar kuɗinsu ne kawai ya dawo, wasu ma da giɓi. Dalili shi ne mai turke yakan tuna nawa ya sayi rago da nawa ya sayar, amma kuɗin dusar da yake fitarwa kwano-kwano kullum ba ya shiga lissafi.

Aikin yana farawa ne daga kara. Masu harkar sun san ranakun manyan kasuwanni: Potiskum ranar Laraba, Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Mai'aduwa da Illela ranar Lahadi. Abin da gwani yake nema a can ba rago mai ƙiba ba ne, domin mai ƙiba wani ya riga ya ci ribarsa. Yana neman mai ƙashi: dogo, mai faɗin ƙirji da baya, wanda rani ya ramar amma lafiyarsa lau. Zai buɗe bakinsa ya duba haƙoran ƙasa. Idan ya fitar da manyan haƙora biyu ko huɗu, to yana tsakanin shekara ɗaya da 'yan watanni zuwa shekara biyu, ya kai munzalin layya kuma jikinsa na karɓar abinci. Ɗan ƙaramin da bai famfara ba, abincin zai tafi ne wajen tsawo, tsoho mai lalatattun haƙora kuwa sai ya ci ya ci babu abin da ya nuna. Daga nan sai ya ja fatar ido ya ga ko ta yi fari, alamar ƙarancin jini, ya duba hanci ko da majina, ya ɗaga wutsiya ko akwai kashin zawo, sannan ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Mai ido ɗaya, gurgu, mara lafiya da ramamme ƙwarai ba sa layya, don haka duk aibin da aka raina a ranar saye shi ne zai karya farashi a ranar sayarwa.

Irin ragon ma yana da tasiri. Balami, farin nan mai ƙaton jiki da aka fi sani da shi a yankin Borno, shi ya fi kowa girma da tsada, kuma cinsa daidai girmansa. Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, yana bi masa. Yankasa ya fi ƙanƙanta, amma ya fi jure wahala, kuma shi ne aljihun yawancin masu layya yake iya kaiwa. Ga mai ƙaramin jari, Yankasa ko ruwa-biyunsa ya fi saurin fita daga hannu. Akuya kuwa, ko da jar nan ta Sakkwato da Maraɗi ce, ba ta ɗora nama da sauri kamar rago, ga tsirfa wajen ci. Taure yana da kasuwarsa a suna da lokacin Kirsimeti, amma a layya rago ne sarki.

Rago na isowa gida, makon farko na magani ne da sabo. A ware shi daga dabbobin gida, a ba shi maganin tsutsar ciki, a yi masa na kaska da ƙwarƙwata, a kuma nemi malamin dabbobi ya yi masa rigakafin cutar nan mai haɗa zazzaɓi, majina da zawo, wadda kan share garken awaki da tumaki cikin 'yan kwanaki. Wanda ya tsallake wannan mataki, tsutsa yake kiwo da dusarsa.

Rago yana cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinsa a rana. Wato mai kilo 30 yana buƙatar kilo ɗaya ko fiye kaɗan, kuma adadin yana ƙaruwa yayin da yake ƙara nauyi. Fiye da rabin wannan ya kamata ya zama harawar wake ko ta gyaɗa, sauran kuma dusar alkama, ta masara ko ta gero, a haɗa da ƙulin auduga, kashi uku na dusa kashi ɗaya na ƙuli. Ga kowar wake, ga 'ya'yan gawo ga wanda ke kusa da daji, ga ɗan gishiri da kanwa, ga ruwa mai tsabta da ba ya yankewa. Da irin wannan ciyarwa, rago mai lafiya yana ƙara giram 100 zuwa 200 a kullum.

Kuskuren da ya fi kashe ragunan turke daga ƙauna yake fitowa. Mai rago ya matsu ya ga ƙiba, sai ya cika masa kwarya da dusa ko tsabar hatsi, ko uwargida ta juye masa ragowar tuwo da ƙanzo tun ranar farko. Tumbin da ya saba da ciyawa ba ya ɗaukar wannan lokaci guda. Sai a wayi gari rago ya ƙi ci, cikinsa ya kumbura ta ɓangaren hagu, yana niƙa haƙora, zawo mai tsami yana bi. Maganin abin shi ne a fara da ɗan tafin hannu, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin mako biyu, kuma kullum harawa ta riga dusa shiga ciki. Akwai wata matsalar da ba kowa ke ganewa ba: ragon da dusa ta yi wa yawa, ruwa ya yi masa kaɗan, tsakuwa kan toshe masa mafitsara. Za a ga yana yunƙurin fitsari yana ɗiga kaɗan-kaɗan, yana shurin cikinsa. Wannan ba na jiƙe-jiƙe ba ne, na malamin dabbobi ne a ranar, in ba haka ba sai wuƙa.

To, ina lissafin? A ɗauki misalin wata mai kiwo da ta sayi Yankasa huɗu, kowanne kilo 30, za ta turke su kwana 90. Farashin da za a ambata na misali ne, kowa ya cire ya sa na kasuwar garinsu. Awon abincin ne ba ya sauyawa. A ce ta sayi kowanne Naira 120,000, jimla 480,000. A kwana 90 ɗin za su cinye buhun dusa uku masu kilo 50 da buhun ƙuli ɗaya. Idan dusa tana 18,000 buhu, ƙuli 22,000, an kashe 76,000. Harawa kuma, har da wadda za su tattake su ɓata, za ta kai kilo 300, a ce 60,000 a farashin rani. Abinci kaɗai ya tashi 136,000, wato kowane rago yana cin kusan Naira 380 a rana.

Saura ƙananan kuɗaɗen da ake mantawa. Magani, gishiri da kanwa 12,000. Jarkar ruwa ɗaya kullum daga 'yan garuwa a kan Naira 100, ya zama 9,000. Kuɗin mota zuwa da dawowa, la'adar dillali da kuɗin shiga kara, 23,000. Gaba ɗaya ta zuba 660,000, kowane rago ya tsaya mata a kan 165,000. Duk tayin da ya gaza haka, ko da dillali ya rantse kasuwa ta faɗi, amsarsa albarka.

Idan kowanne ya riƙa ƙara giram 150 a rana, za su kai Sallah da kilo 43 da rabi. A ce ta sallama kowanne a kan 200,000. Ta karɓi 800,000, ribarta 140,000, kimanin kashi 21 cikin 100 na abin da ta zuba, ba a cire ladan wahalarta ba, ba a kuma sa kuɗin takin da ta tara ba, wanda manoma ke saye.

Abin lura yana cikin wannan riba. A Arewa da ido da hannu ake cinikin rago, ba da sikeli ba, amma in an raba kuɗin da nauyi, ta sayi kilo ɗaya a kan 4,000. Da za ta sayar da ragon a wannan farashin bayan ya yi ƙiba, 174,000 zai yi, ribar 9,000 kacal. Sauran 26,000 ɗin daga tashin farashin Sallah suka fito da kuma kyan gani. Ashe ƙibar kusan kuɗin abinci da sauran ɗawainiyarta kawai take biya. Ribar gaske tana wajen sayen rago da araha tun kasuwa na kwance, da samun abinci da rahusa. Da ta makara ta sayi kowanne a kan 135,000, riba ta sauko 80,000. Da ta tara harawarta tun kaka a rabin kuɗi ta ɗora a kan rufin ɗaki, riba ta hau 170,000. Idan kuwa ɗaya ya mutu dab da Sallah, ukun da suka rage za su kawo 600,000, ta yi asarar 60,000 bayan wahalar wata uku.

Maganar harawa ta ƙara nauyi a waɗannan shekaru. Babbar Sallah tana ja da baya da kimanin kwana 11 kowace shekara: a Najeriya an yi ta ranar 28 ga Yuni a 2023, 16 ga Yuni a 2024, sannan 6 ga Yuni a 2025. Ma'ana watannin turke sun faɗo tsakiyar bazara, lokacin da harawa ta fi ƙaranci da tsada, zafi kuma yake rage wa rago cin abinci. Shekaru masu zuwa ma turken zai ci gaba da faɗawa cikin rani. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda bai tanadi harawa a Nuwamba da Disamba ba zai saya a hannun wanda ya tanada. Rumfa mai inuwa da iska ita ma ta zama dole.

Ranar sayarwa caca ce ta daban. Farashi yana bin albashi, kuɗin mota zuwa Kudu, da abin da ke shigowa ta iyaka. A watan Mayun 2025 hukumomin Nijar sun hana fitar da dabbobi gabanin Sallah, abin da ya shafi kasuwannin kan iyaka irin su Maigatari da Illela. Wasu suna riƙe rago har jajibiri suna jiran farashi ya ƙara hawa. Wata shekarar su dace, wata shekarar kara ta cika maƙil, dillalai su shiga karyarwa don kada su kwana da kaya. Ragon da ya wuce kwanakin layya kuwa farashin mahauta zai koma, alhali bakinsa bai daina ci ba. Shi ya sa masu ƙananan turke da dama suka fi son su sami mai saye tun da mako biyu ko uku, maƙwabci ko abokin aiki, ya biya kuɗi ko ya ba da kafin alƙalami, ragon ya ci gaba da zama a turkensa har safiyar Idi. Ta haka an tsira daga kuɗin mota da la'ada, an kuma huta da fargabar kasuwa.

Abu na ƙarshe ya shafi masu cin naman. Kowane maganin tsutsa ko allurar ƙwayoyin cuta yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a yanka dabba, kuma a rubuce yake a jikin kwalba. Mai turke ya duba wannan adadi, ya ƙirga daga ranar Sallah zuwa baya, ya tsayar da magani a kan lokaci.