Gwajin Baƙaƙen Hausa ga Ɗaliban Ajin Farko, da Amsoshinsa

Ɗalibin da ya shiga ajin farko a sashen Hausa yakan ɗauka ya san baƙaƙe tun daga firamare. Harufa ya sani. Darasin furuci kuwa sauti yake nema, kuma kowane baƙi da abu uku ake rarrabe shi: gurbin furuci, wato inda gaɓoɓin baki suka haɗu, yanayin furuci, wato yadda iska ta fita, sai matsayin maƙwallato, ko mai ziza ne ko maras ziza. Ziza ba ta da wuyar ganewa. Dafa maƙogwaronka ka ja "zzz", za ka ji karkarwa. Ja "sss", ba za ka ji ba.

Ga tambayoyi huɗu, a amsa su kafin a leƙa ƙasa. Ta farko, me ya haɗa b da ɓ, me kuma ya raba su? Ta biyu, rarrabe ƙ ta fuskoki ukun nan. Ta uku, rubuta "can", "hanya" da "aiki" da alamomin sauti. Ta huɗu, "bara" ta almajiri da "bara" yaron gida, r ɗinsu iri ɗaya ce?

Amsar farko: dukansu 'yan leɓe ne masu ziza, yanayin furuci ne ya raba su. B tsayau ne, iska ta taru sannan ta fashe waje. Ɓ haɗiyau ne, maƙogwaro ke yin ƙasa kamar za a haɗiye sautin. Shi kuma ƙ bahanɗe ne, tunkuɗau, maras ziza.

A tambaya ta uku ne akasari ake zubar da maki, domin ido na bin rubutu ya bar kunne a baya. "Can" ita ce [tʃaŋ]. Harafin c ɗan atishawa ne, n ta ƙarshen kalmar kuma a hanɗa ake furta ta, ba a hanƙa ba. Faɗe ta a hankali, za ka ji ƙirjin harshe bai motsa gaba ba, doronsa ne ya tashi can baya. "Hanya" kuwa [haɲjaa] ce, saboda y ta janyo n zuwa ganɗa, kuma alamar [j] ita ke wakiltar y, ba j ta "jaki" ba. "Aiki" [ʔaikii] ce. Kalmar Hausa ba ta farawa da wasali, akwai hamza a gabansa ko da boko bai nuna ta ba.

Ta huɗu, a'a. Ta almajiri ra-gare ce, [r]. Ta yaron gida ra-kaɗe, [ɽ]. Sai dai ba kowane mai jin Hausa ke bambanta su ba, don haka ya kamata malami ya furta kalmomin da bakinsa a aji kafin ya sa wannan tambaya a jarrabawa.