Awon Sokawe da Nisansa da Rijiyar Burtsatse

Jama'a, abin da muke kira sokawe abu biyu ne, ba ɗaya ba. Na farko tanki ne na bulo da siminti, wanda aka yi wa yaɓe ciki da gindi don kada ya yi yoyo. A cikinsa ƙazanta ke kwanciya ta ruɓe. Na biyu rami ne wanda ruwan da ya fito daga tankin ke shiga, ƙasa ta shanye. Ruwan nan ko ya yi garau, da ƙwayoyin cuta a cikinsa. Saboda haka ramin shi ne abin tsoro ga rijiya.

Ga misali. Wani mai gida a Ba'awa yana da mutum 10, kowa yana ɓatar da jarka biyu a yini, watau lita 50, har da wanka da wanki. Ruwan yini ɗaya ya zama lita 500, kuma lalle ya kwana a tanki kafin ya wuce, don gurɓin ya kwanta. Sai kuma wurin laka. Kowane mutum yana tara kamar lita 40 a shekara, to, mutum 10 a shekara 3 sun tara lita 1,200. In an haɗa, lita 1,700 ke nan.

Sai ya ce wa magini ya yi tanki mai faɗin ƙafa 2 da rabi, tsawo ƙafa 7 da rabi, zurfin ruwa ƙafa 4, duka awon ciki, a bar sararin ƙafa 1 ƙarƙashin murfi. Wannan zai ci durom 10 da 'yan kai, ragowar kuwa ta baƙi ce da masu haihuwa. A raba shi da bango, ɗakin farko ƙafa 5, na biyu ƙafa 2 da rabi, a bar kafa a bangon, ƙasa da saman ruwa. Bututun fita ya fi na shiga ƙasa da inci 3, bakinsa kuma ya nutse cikin ruwa, don kada kumfa da maiƙo su bi shi su toshe ramin.

Girman rami kuwa ƙasa ce ke faɗa. A inda za a yi shi, a kuma zurfin da za a kai, tona ɗan gurbi na ƙafa 1, ka cika shi da ruwa ya kwana yana sha. Da safe ka sake cikawa, ka duba agogo. In ruwan ya yi fiye da rabin sa'a bai sauka inci 1 ba, laka ta yi yawa, sai ka nemi shawarar duba-gari. Bangon rami ne ke shan ruwa, gindinsa ba ya daɗewa yake toshewa. A jar ƙasa mai sha daidai-wa-daida, rami mai faɗin ƙafa 6, zurfi ƙafa 7 daga bakin bututu, yakan sha kamar lita 250 a yini. Ashe mai gidan nan rami biyu zai yi. A jigawa ɗaya na iya isa.

Yanzu sai nisa. A auna ƙafa 100, watau mita 30, daga bakin ramin zuwa rijiyar burtsatse ko ta guga, taka ko ta maƙwabci. Ramin ya kasance a gangare, rijiya a tudu. Na sha ganin wanda ya auna daga tanki, sa'an nan ya juya ramin wajen rijiya don can ne da fili. Wannan awon banza ne.

Mu nan ƙasar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, dutse ne a ƙarƙashinmu, burtsatsenmu kuwa daga ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa take samun ruwa. Ƙasa tana tace ƙazanta, amma tsagar dutse ba ta tace kome. In masu haƙa suka tarar da fa, ƙafa 100 ta yi kaɗan, a ƙara. Kada kuma a ruɗu da rani. A leƙa rijiyar guga mafi kusa a watan Agusta. Gindin rami ya fi saman ruwan nan bisa da ƙafa 5 a ƙalla. Ramin mai gidan nan ya kai ƙafa 9 daga doron ƙasa, to, sai in ruwan yana ƙafa 14 ko fiye. In bai kai ba, a rage zurfi, a ƙara yawan ramuka.

A birnin London, a shekarar 1854, wani likita mai suna John Snow ya gano famfo ɗaya ne ke yaɗa amai da gudawa a unguwa. Da aka tona, sai ga ramin ƙazanta yana yoyo dab da rijiyar. Mu ma a 2021 Kano tana cikin jihohin da cutar nan ta fi yi wa ɓarna.

Kowace shekara a naɗa farin tsumma a gora, a soka cikin ɗakin farko. In laka ta ɓata rabin zurfin ruwan, a kira masu kwasa. Kada kowa ya shiga ciki, iskarsa tana kisa. In ciyawa ta yi kore shar a kan rami da rani, ko masai ya daina wucewa, ramin ya toshe, sai a tona sabo, a sake auna ƙafa 100 ɗin daga fari.