Takardar Ajiye Aikin Malami Mai Shirin Ƙetare: Abin da Za A Rage da Abin da Ba A Taɓawa

Tun daga watan Fabrairun 2023, lokacin da Birtaniya ta buɗe wa malaman Najeriya da Gana da wasu ƙasashe ƙofar neman shaidar ƙwarewar koyarwa a Ingila, maganar ajiye aiki ta yawaita a ofisoshin malamai. Wasu kuma Saudiyya ko Daular Larabawa suka nufa, wasu karatu ne ya kira su. Duk wanda zai tafi sai ya bar takarda a teburin shugaban makaranta, kuma yawancin takardun nan ciwonsu ɗaya: shafi biyu na ban haƙuri da bayanin dalili, amma ranar da mutum zai bar aiki ba ta fito fili ba. Da aka ce wa malami ya taƙaita, sai ya yanke jimlolin wa'adi saboda yana jin sun yi kaushi, ya bar godiyar. Wannan shi ne yankan da ke cin kuɗi.

Kafin a ɗora alƙalami, takardar ɗaukar aiki ake fara nemowa, domin a cikinta wa'adin notis yake. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tsara mafi ƙarancin wa'adi: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku a aiki ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. Amma kada malami ya jingina da wannan. Makarantu masu zaman kansu da dama suna rubuta wata uku ko zangon karatu guda, kuma abin da mutum ya sa wa hannu shi ke ɗaure shi. Malamin gwamnati kuwa dokokin aikin gwamnati zai duba, inda aka saba da wata ɗaya ko albashin wata ɗaya a madadinsa, sannan takardarsa kan tafi ga hukuma ne ta hannun shugaban makaranta. Wanda aka taɓa ba hutun ƙaro karatu da albashi ya tuna da yarjejeniyar da ya cika, don mai yiwuwa akwai sauran shekarun da ake bin sa.

Mu ɗauki misalin wata malamar lissafi a makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Shekararta shida a can, albashinta naira 120,000. Takardar ɗaukarta aiki ta ce notis na wata uku a rubuce, ko albashin wata uku a madadinsa. Ta samu gurbi a wata makaranta a Ingila, inda shekarar karatu ke farawa a Satumba, tana son tashi ranar 10 ga Agusta. Zango na uku a makarantarta zai ƙare 24 ga Yuli. Ranar 20 ga Mayu ta zauna rubutu.

Rubutunta na farko ya buɗe da tarihin yadda ta zo makarantar. Daga nan ta shiga bayanin tsadar rayuwa, da yadda albashi ba ya kai ta ƙarshen wata, da yadda maigidanta ya ba ta goyon baya, da rantsuwar cewa ba don ɓacin rai za ta tafi ba. Ta nemi gafara sau huɗu. Can ƙasa, a sakin layi na biyar, ta ce: "Ina sa ran barin aiki a ƙarshen wannan zango in Allah ya yarda."

Wannan jimla ita ce matsalar takardar duka. Al'adar lissafin notis ita ce ba a ƙirga ranar da aka miƙa shi, don haka wata ukunta ya fara 21 ga Mayu, ya cika 20 ga Agusta. Akawun makaranta kuwa zai karanta "ƙarshen zango" a matsayin 24 ga Yuli. Ke nan da hannunta ta rubuta cewa za ta tafi saura kwana 27 wa'adi ya cika, abin da ya kusa albashin wata guda, kuma ta ba makaranta hujjar tsayar da albashinta daga Yuli. Mai makaranta mai tsauri zai ma iya cewa tunda ba ta cika wata uku ba, naira 360,000 yake bin ta. "Ina sa ran" ma ba notis ba ne, domin bai nuna an yanke magana ba. Faɗin in Allah ya yarda ba laifi ba ne, duk muna faɗa, amma a ajiye shi kusa da rana tsayayya.

Jimloli uku ne ba a taɓawa, kome gajartar takarda. Ta farko ta ce na ajiye aiki kaza. Ta biyu ta ambaci wa'adin da yarjejeniya ta gindaya da ranar da ya fara da ranar da ya cika, da lambobi. Ta uku ta faɗi abin da ake nema idan ranar tafiya ta riga cikar wa'adi. A wajen malamar nan giɓin kwana goma ne, daga 10 zuwa 20 ga Agusta, kuma ya faɗo cikin dogon hutu, lokacin da ba darasi. Tana iya roƙon a yafe mata, ko a cire kuɗin kwanakin, kimanin naira 40,000. Ko wanne ne, sai makaranta ta amince, shi ya sa ake rubuta shi a matsayin roƙo kuma a nemi amsa a rubuce.

Ga yadda takardar ta koma bayan gyara. Ko da Turanci za a rubuta ta, kamar yadda ofisoshi da yawa ke buƙata, tsarin bai canza ba:

"Ranki ya daɗe, da wannan takarda nake sanar da ke cewa na ajiye aikina na malamar lissafi. Bisa takardar ɗaukata aiki, ina ba da notis na wata uku, daga 21 ga Mayu zuwa 20 ga Agusta. Zan koyar har ranar rufe zango, 24 ga Yuli. Da yake zan bar ƙasar ranar 10 ga Agusta don fara aiki a waje, ina roƙon a yafe mini kwana goman da suka rage, ko a cire kuɗinsu daga albashina na ƙarshe.

Ba zan manta ba, shekarar da na zo ke kika riƙa zama a bayan ajina kina gyara mini yadda nake gabatar da darasi, ba ki taɓa yi mini gyara a gaban ɗalibai ba. Abin da na koya a nan da shi zan tafi. Kafin 24 ga Yuli zan kammala makin aji biyar, in miƙa rajista da littafin tsara darasi, in kuma zauna da duk wanda zai gaje ni. Ina roƙon a ba ni amsa a rubuce. Allah ya ƙara ɗaukaka makarantar nan."

Takardar ba ta cika rabin shafi ba, amma ta fi ta farko taushi. Dalili kuwa shi ne godiyar da aka yi wa kowa da kowa ba ta shiga zuciyar kowa. "Ina godiya ga ɗaukacin hukumar makaranta bisa dama da goyon baya" jimla ce da shugabar makaranta ta karanta sau da yawa har ba ta ganinta. Abu ɗaya da ya faru da gaske, wanda ita ma za ta tuna, ya fi layi goma irin wannan. A zaɓi ɗaya kawai, kuma ya zama gaskiya. Wanda bai ji daɗin zama da shugabansa ba kada ya ƙirƙiro yabo, ya ambaci ɗalibai ko abokan aiki, a can ba ya rasa abin faɗa.

Sauran taushin a maganar miƙa aiki yake. Abin da ke tayar wa shugabar makaranta hankali idan malamin lissafi zai tafi shi ne wa zai riƙe ajin da ke fuskantar jarrabawar WAEC baɗi, da kuma sakamakon zango na uku da iyaye ke jira. Malamar da ta ce ga abin da zan gama, ga ranar da zan gama shi, ta sauke mata rabin nauyin. Sai dai a yi hattara da alkawarin kunya. "A shirye nake in tsaya har a samu wani" jimla ce mai daɗin ji da ke rushe ranar da aka rubuta a sama, domin makaranta na iya yin wata huɗu tana neman malamin lissafi. Haka ma "zan ci gaba da taimakawa daga can". Sabon wuri da sabuwar manhaja ba za su bar mata wannan lokacin ba.

Dalilin tafiya rabin jimla ya ishe shi. Ni a ganina batun albashi da duk wani ƙorafi ba su da wuri a takardar nan ko kaɗan, ko da gaskiya ne, saboda takardar fayil za ta shiga ta zauna shekaru. Makarantun Ingila suna neman shaida daga wurin aikin mutum na ƙarshe kafin su tabbatar masa da aiki, kuma wadda za ta rubuta shaidar ita ce wadda aka miƙa wa takardar. Hukumar rajistar malamai ta TRCN na bayar da takardar da ke tabbatar da matsayin malami, amma yadda yake riƙe aji shugabarsa ce kaɗai za ta faɗa. Sunan sabuwar makaranta da yawan albashin can su ma ba a buƙatarsu.

Abin da aka yanke daga takarda, baki ne wurinsa. A al'adarmu babba ba ya son jin labari irin wannan daga takarda, balle daga bakin masinja. A nemi ganinta ita kaɗai, a gaisa, a ce, "Hajiya, wata magana ce ta kawo ni, na ga bai dace ki ji ta a wani wuri ba." A nan ake ban haƙuri da neman albarka, a nan ake iya tsawaitawa. Amma a shiga da takardar a hannu a miƙa ta a ranar, domin wa'adi ba ya fara tafiya da hira. A je da kwafi biyu, a sa wa ɗaya hannu da kwanan wata da hatimin makaranta, a dawo da shi gida. Saƙon WhatsApp ba ya maye gurbin wannan idan yarjejeniya ta ce a rubuce ga wani ofishi.

Akwai kuma batun biza, wanda shi ya fi wahalar da masu wa'adin wata uku. Da zarar an karɓi takarda, janye ta sai da yardar makaranta, ga shi bizar kan makara. Wasu na ƙoƙarin rufe wannan ƙofa da rubuta "idan bizata ta fito", sai notis ɗin ya zama mai sharaɗi, makaranta kuma ta iya cewa bai fara ƙirguwa ba. Malamar Zariya hanya biyu gare ta. Ko ta miƙa a Mayu da takardar tayin aiki a hannunta, ta ɗauki kasadar jinkiri, ko ta jira biza ta fito a Yuli ta tanadi kuɗin da za ta biya a madadin wa'adin da ba za ta cika ba. Idan ta zaɓi ta biyun, jimlar wa'adi a takardarta za ta ce notis na wata uku daga rana kaza, zan yi aiki zuwa rana kaza, sauran kuma zan biya kamar yadda yarjejeniya ta tanada, sannan ta nemi akawu ya rubuta mata adadin kafin ta sayi tikitin jirgi.