Hattara: Gidan Bashin Libiya Yana Cinye Matasanmu

Jama'a, abin ya kai inda shiru ya zama haɗin baki. 'Ya'yanmu suna kwarara Libiya ta Agadez da sunan ci-rani, muna ji muna gani.

Mun san abin da ke korarsu. 'Yan bindiga sun hana noma. Wanda ya samu damar yi, taki ya fi ƙarfinsa. Mai karatu kuwa yajin aikin ASUU na 2022 ya zaunar da shi wata 8 a gida. Ana cikin haka sai ga hoton abokinsa a waya, daga Tarabulus, da sabon takalmi, ana cewa ya fara tura kuɗin bulo gida. Wanda bai dawo ba, babu mai nuna hotonsa.

A nan dillali yake shigowa. "Ba ka da kuɗin mota? Ba komai, in ka je ka fara aiki ka biya." Wannan maganar ita ce tarkon.

Daga Agadez ake loda mutum fiye da 20 a bayan Hilux, kowa ya rungumi sanda tsakanin ƙafafunsa kada ya faɗo, da jarkar ruwansa. A bi ta Dirkou, a tsallaka iyaka, a nufi Sabha. Mota in ta lalace a sahara, sai dai wani ikon Allah. A Oktoban 2013 gawa 92 aka tsinta a arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, 52 daga ciki yara ne. Ƙishirwa ta kashe su.

Wanda ya isa Sabha da bashi a wuya, ba aiki ke jiransa ba. Direba zai miƙa shi ga mai gidan bashi, a kulle. A ba shi waya ya kira gida, ana dukansa uwarsa tana jin ihunsa. A sayar da gona. A sayar da akuya. A tura kuɗin, wani lokaci kuma a sake sayar da yaron ga wani gidan. A Nuwamban 2017 duniya ta ga bidiyon CNN ana gwanjon mutane a Libiya kan dala 400.

Kuma gaba ta fi baya tsoro. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure a Nijar, an soke ta a Nuwamban 2023. Hanya a buɗe take.

Ya zama wajibi iyaye su daina sayar da kadara don kuɗin wannan hanya. Ya zama wajibi limamai su ambaci gidan bashi da sunansa a huɗuba. Ya zama wajibi masu unguwanni su tona asirin dillalan, domin a cikinmu suke, an san gidajensu. Ya zama wajibi waɗanda suka dawo su daina ɓoye tabon bulala don kunya.

Kai kuma saurayi, duk wanda ya ce zai kai ka Libiya bashi, kai ne hajar da zai sayar. Kada ka hau motar nan.