Idan Jan Biro Ya Yi Kuskure: Yadda Ɗalibi Ke Neman A Sake Duba Masa Amsa

A ƙarshen kowane zangon karatu, malamin sakandare da ke koyar da aji uku ko huɗu yakan tashi da takardun jarrabawa sama da ɗari, kuma makaranta na jiran sakamako cikin 'yan kwanaki. Da dare yake yawancin aikin, da jan biro a hannu da tsarin rabon maki a gefe. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, don haka a cikin wannan tulin ba a rasa takarda ɗaya ko biyu da aka yi wa kuskure. Ɗalibin da abin ya faɗa wa yakan yi ɗaya daga cikin abu biyu: ko ya haɗiye saboda kunyar malam, ko ya yi ta gunaguni a bayan aji cewa an tsane shi. Akwai hanya ta uku, wato 'yar gajeriyar wasiƙa. Ladabi kaɗai ba ya sa ta yi aiki. Abin da ke sa ta yi aiki shi ne ta kai yatsan malam daidai wurin da matsalar take, ta yadda zai iya tabbatarwa da idonsa cikin minti biyu.

Kafin a ɗauki biro, sai ɗalibi ya san irin kuskuren da yake zargi, domin ba duka ne ke buƙatar wasiƙa ba. Na farko shi ne kuskuren tara maki. An ba da 8 da 6 da 7 da 9 a gefen amsoshi, amma a saman takarda aka rubuta 28 maimakon 30. Wannan babu gardama a cikinsa, nuna wa malam kawai ya wadatar. Na biyu shi ne tsallake: amsa ta zarce zuwa bayan shafi, ko shafi biyu sun manne, sai ka ga wurin babu ko ɗigon jan biro. Na uku ne mai wuya, inda malam ya karanta amsar, ya yanke cewa ba daidai ba ce, ɗalibi kuma yana ganin daidai ce. A nan ne wasiƙa take da amfani, domin ana roƙon mutum ya sake duba hukuncin da ya riga ya yanke.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. A jarrabawar lissafi ta aji biyu na babbar sakandare, tambaya ta 4 ta ce wani ɗan kasuwa ya sari kaya a kan naira 24,000, ya sayar a kan naira 30,000, a nemo ribarsa da kashi cikin ɗari. Maki biyar ne. Hanyar da malam ya koyar, wadda kuma take cikin tsarin rabon makinsa, ita ce a cire 24,000 daga 30,000 a sami 6,000, a raba 6,000 da kuɗin sari, a ninka da 100, a sami kashi 25.

Wata ɗaliba ta bi wata hanyar. Ta raba 30,000 da 24,000 ta sami 1.25, ta ninka da 100 ya ba ta 125. A nan shafin ya ƙare. A saman shafi na gaba ta cire 100 daga 125, ta rubuta kashi 25. Malam yana neman 6,000 bai gani ba, ya ga 125 a ƙasan shafi, ya ɗauka ita ce amsar ƙarshe, ya soke ta ya ba da sifiri. Jimillar ɗalibar ta tsaya a 46. A ma'aunin da makarantu da yawa ke amfani da shi, mai lakabi irin na WAEC, 45 zuwa 49 D7 ne, 50 zuwa 54 kuma C6, wato kiredit. Maki biyar ɗin nan su ne tsakaninta da 51.

Abu na farko da za ta yi shi ne ta gwada kanta. Kashi 25 na 24,000 shi ne 6,000, idan aka haɗa da kuɗin sari ya ba da 30,000. Amsar ta tsaya da ƙafarta. Wannan gwajin ne ke raba mai hujja da mai jin haushi kawai. A ce maƙwabciyarta ta sami 6,000 ɗin, amma ta raba da 30,000 ta sami kashi 20. Ita ma za ta rantse cewa ta yi daidai, alhali riba da kuɗin sari ake auna ta, ba da kuɗin sayarwa ba. Duk da haka, ko ita tana iya samun abin nema. A tsarin makin lissafi irin na WAEC ana ware makin hanya, mai alamar M, da makin dacewar amsa, mai alamar A. Idan malam na bin wannan tsarin, kuma akwai maki a kan fitar da 6,000, to tana iya roƙon wannan makin shi kaɗai. Neman biyar duka zai zubar mata da ɗan wanda take da haƙƙi a kai.

Abu na biyu, kada ta taɓa takardar. Ko kibiya ce za ta zana don nuna ci gaban amsa, kada ta yi. Da zarar malam ya ga tawada sabuwa, ko gogewa, ko rubutun da ya bambanta da sauran, magana ta tashi daga neman gyara ta koma zargin maguɗi, kuma hukuncinsa ya fi asarar maki biyar nesa ba kusa ba. Idan akwai hali, ta ɗauki hoton shafukan biyu kafin ta mayar.

Ga yadda wasiƙar za ta kasance, bayan kwanan wata da sunan darasi a sama:

"Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon alfarmar a sake duba mini amsar tambaya ta 4 a jarrabawar lissafi ta wannan zango, wadda aka ba ni sifiri cikin maki biyar. Ban bi hanyar da ka koya mana a aji ba. Na raba kuɗin sayarwa da kuɗin sari, na ninka da 100, na sami 125 a ƙarshen shafi na 3, sannan na cire 100 a layin farko na shafi na 4, inda na rubuta kashi 25 a matsayin amsa. Ina tsammanin rabuwar aikin tsakanin shafi biyu ce ta sa ƙarshensa bai fito fili ba. Na gwada amsar, na ga kashi 25 na 24,000 ya ba da ribar 6,000. Idan akwai inda na kauce, zan yi farin ciki ka nuna mini don in gyara. Ga takardar nan haɗe, kamar yadda aka ba ni ita. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ɗalibarka."

Sai ta sa cikakken suna da aji da lambarta. A makarantun da Turanci ko Faransanci ne harshen aiki, da shi za a rubuta, amma ginin ba ya canzawa.

Kowace jimla a ciki tana da aikinta. An faɗi lambar tambaya da shafi da layi, don haka malam ba zai yi lalube ba. An bayyana hanyar da aka bi cikin jimla biyu. An kuma samo wa kuskuren dalili na gaskiya wanda bai taɓa mutuncin kowa ba, wato rabuwar shafi. Wannan ba fadanci ba ne, domin abin da ya faru ke nan, kuma malamin da aka bar wa ƙofa a buɗe ya fi saurin cewa "lallai ban ga wannan layin ba" fiye da wanda aka ƙure a gaban aji. Sannan abin da aka roƙa dubawa ce, ba ƙarin maki ba. Hukunci yana nan a hannun mai shi.

Abubuwan da aka bari a waje ma suna da muhimmanci. Ba ta ce tana buƙatar kiredit ba, ko mahaifinta zai yi faɗa, domin maki na abin da ke kan takarda ne, kuma irin wannan maganar tana sa wasiƙa ta yi kama da roƙon a taimaka ta bayan fage. Ba ta ce "wance ta rubuta irin nawa an ba ta" ba, wanda sau da yawa yakan jawo a rage wa wance, ko a fara tambayar yadda amsoshin suka zo iri ɗaya. Ba ta jero tambayoyi shida ba. Wanda ya yi ƙorafi a kan komai, ba a ɗaukar ko ɗaya da muhimmanci. Ba ta kuma haɗa wasiƙar da wata 'yar kyauta ba, komai ƙanƙantarta.

Lokaci ma yana da nasa tasiri. Muddin maki na hannun malamin darasi, gyara ja ɗaya ne na biro. Idan ya miƙa wa malamin aji, an haɗa da makin gwaje-gwajen cikin zango, an fitar da na ɗaya da na biyu, an cike katin sakamako, to canza lamba ɗaya na iya motsa matsayin wasu ɗalibai, kuma sai an nemi sa hannun na sama. Don haka a miƙa wasiƙar a ranar da aka raba takardu ko washegari, a ofishin malamai, ba a tsakiyar darasi ba.

Ɗalibi ya kuma shirya wa sakamako iri uku. Ana iya ba shi makin duka. Ana iya ba shi wani ɓangare, misali idan malam ya ce tambayar ta umarci a fara fitar da ribar da naira, ita kuwa ɗalibar ba ta yi ba. Shi ya sa ake sake karanta tambayar kalma bayan kalma kafin a rubuta komai. Ana kuma iya rage masa, domin malamin da ya sake buɗe takarda yana iya ganin inda ya yi rangwame a wata tambayar. Idan malam ya ƙi dubawa sam, ko ya ƙi faɗin dalili, mataki na gaba shi ne shugaban sashe ko jami'in jarrabawa na makarantar, da wasiƙar nan dai, ba tare da ƙara mata zafi ba. Tsallake malam tun farko a kai ƙara wurin shugaban makaranta yakan ɓata abin da jimla biyar za su gyara.

Wannan wasiƙar tana da iyaka. Jarrabawar cikin makaranta kawai take yi wa aiki. Takardun WAEC da NECO ba sa komawa hannun ɗalibi, malaminsa ba shi da ikon taɓa makinsu, kuma ƙorafi a kansu ta hannun makaranta yake bi zuwa hukumar. A jami'a kuwa, da zarar an amince da sakamako a hukumance, malami ba ya canza shi shi kaɗai. Sai an rubuta takarda ta bi matakan da dokar jami'ar ta tsara, galibi a biya kuɗi, a ba wani malamin daban ya duba. A can ma abin da ake nema bai wuce lambar tambaya da shafi da hujjar da za a iya gwadawa ba, don haka gara yaro ya koyi tsara su tun yana sakandare, lokacin da maki biyar ne kawai ke kan layi.