Filashin Jabu: Yadda Yake Ƙaryar Girma, Ya Cinye Ajiya Ba Tare Da An Sani Ba

A kasuwannin waya da shagunan intanet ana yawan ganin filashi ko memori da aka rubuta wa 128 GB, ko ma 1 TB, a kuɗin da bai kai na filashi mai 16 GB na gaskiya ba. Mutum ya saya, ya soka a kwamfuta, ita ma ta nuna masa adadin da ke jikin kwalin. Hankalinsa ya kwanta, yana ganin ya yi dace. Alhali kwamfutar ba ta auna komai ba, abin da filashin ya faɗa mata kawai ta maimaita.

Cikin kowane filashi akwai manyan sassa biyu. Na farko shi ne ma'ajiyar da bayanai ke zama a cikinta. Na biyu wani ɗan ƙaramin sashe ne da ake kira kwantirola, wanda ke karɓar umarni daga kwamfuta, ya zaɓi inda za a ajiye kowane abu. Da zarar an soka filashi, kwamfuta za ta tambayi kwantirola girman ma'ajiyar, ta karɓi amsar yadda ta zo. Masu haɗa jabu sun san da haka. Sai su ɗauki ma'ajiya mai 8 GB, su yi amfani da irin manhajar da masana'antu ke saita filashi da ita, su sa kwantirola ya riƙa cewa 128 GB yake da ita.

Bari mu ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyon biki da ya sayi irin wannan filashi. Ya tura masa bidiyo 30, kowane ɗaya 1 GB: kamu, ɗaurin aure, walima, kai amarya. Turawar ta kammala lafiya lau, ba wani gargaɗi. Ya buɗe, ya ga sunayen bidiyo 30 a jere, kowane da girmansa daidai. Ya danna na farko, ya yi tangaram. Ya miƙa wa ango, ya goge na kan kwamfutarsa don ya samu wurin aikin gaba. Bayan kwana biyu ango ya dawo ransa a ɓace: bidiyo bakwai na farko ne kawai ke buɗewa, sauran 23 sun ƙi.

Dalilin da ya sa sunayen suka fito duka shi ne, sunan fayil daban, abin da ke cikinsa daban. A tsarin FAT32 da exFAT, waɗanda akasarin filashi ke zuwa da su, teburin da ke lissafin wuraren ajiya yana can farkon ma'ajiya, wato a yankin da yake na gaskiya. Kamar mai gadin sito ne da ke rubuta kowane buhu da aka kawo a littafi, alhali siton buhu takwas kaɗai yake ci, sauran kuwa yana jefar da su ta bayan katanga. Wanda ya duba littafi zai ga lissafi cif. Sai ranar ɗaukar kaya asiri zai tonu.

Abin da ya haura 8 GB ɗin yakan bi ɗayan hanyoyi biyu. Wani filashin zubar da shi yake yi, ya ce wa kwamfuta an ajiye, in an zo karantawa ya dawo da tsabar sifili ko shirme. Wani kuwa, wanda ya fi muni, in ya kai ƙarshe sai ya koma baya ya ci gaba da rubutu a kan abin da aka riga aka ajiye. A irin wannan, sabon bidiyo kan danne tsohon, wani lokaci har ya taɓa teburin lissafin. A nan ne za ka ga sunayen fayil sun rikiɗe zuwa baƙaƙen da ba sa karantuwa, ko kwamfuta ta ce sai an yi wa filashin foma kafin a yi amfani da shi. Kwamfuta ba ta yin gargaɗi lokacin turawa saboda a kwafin yau da kullum ba ta komawa ta karanta abin da ta rubuta don ta gwada shi da na asali.

Kada kuma a ɗauki kowane gibi a matsayin jabu. Filashi na gaskiya mai 64 GB yakan nuna tsakanin 57 zuwa 59 GB a Windows, domin kamfanoni na ƙirga gigabait ɗaya a matsayin bait 1,000,000,000, ita kuwa Windows tana ƙirga 1,073,741,824. Wannan bambancin lissafi ne kawai, ba cuta ba.

Hanyar gano gaskiya ɗaya ce: a cika filashin maƙil, sannan a karanta duk abin da aka rubuta. Ga masu Windows akwai manhajar H2testw ta kyauta, wadda Harald Bögeholz ya rubuta wa mujallar kwamfuta ta c't a Jamus. Ka fara kwashe duk abin da ke kan filashin. Ka buɗe manhajar, ka danna Select target ka zaɓi filashin, ka bar zaɓin all available space, sannan ka danna Write + Verify. Za ta cika shi da fayiloli masu 1 GB kowane, ta dawo ta bi su ɗaya bayan ɗaya. In filashin lafiya yake, za ta ce an gama ba kuskure. In irin na mai bidiyon nan ne, za ta nuna kimanin 7.5 GB a gaban OK, fiye da 110 GB kuma a gaban DATA LOST. Adadin farkon shi ne ainihin abin da ka saya.

Aikin na buƙatar haƙuri. Filashin da ke rubuta megabait 10 a daƙiƙa zai ci kusan awa uku da rabi kafin a cika 128 GB, ban da lokacin karantawa. Mai gaggawa, musamman wanda ke son gwadawa tun yana gaban mai shago, zai iya amfani da ValiDrive, wadda Steve Gibson ya fitar a 2023. Ita takan taɓa wurare 576 daga farkon filashi zuwa ƙarshensa, ta zana taswira, inda launin ja ke nuna wurin da babu ma'ajiya. Masu Linux da Mac kuwa suna da F3:

```
f3write /media/usb/
f3read /media/usb/
```

A nan za a sa ainihin adireshin filashin a madadin /media/usb/.

In babu manhaja ko ɗaya, akwai dabara. Ka tura manyan bidiyo har filashin ya cika, ka cire shi, ka sake sokawa don kada kwamfuta ta nuna maka abin da ta riƙe a ƙwaƙwalwarta. Sai ka buɗe na ƙarshe, na tsakiya da na farko, kana jan kowane zuwa ƙarshensa. Gwaji da waƙa biyu ko hoto goma, kamar yadda ake yi a bakin shago, ba ya nuna komai, domin ko jabun zai riƙe wannan.

In gwaji ya nuna jabu ne, foma ba za ta gyara shi ba, tunda ƙaryar a cikin kwantirola take. Manhajojin dawo da fayil ma ba za su dawo da abin da tun asali ba a ajiye shi ba, don haka kada a kashe kuɗi wajen mai gyara a kan bidiyo 23 ɗin nan. Akwai umarnin f3fix da ke taƙaita filashin zuwa girmansa na gaskiya, amma masu irin wannan sana'a ba su cika sa ma'ajiya mai inganci ba, saboda haka ba wurin ajiye takardun makaranta ko aikin mutane ba ne. Abin da ya fi shi ne a mayar wa mai shago tare da hoton sakamakon gwajin. Sau da yawa shi ma haka aka sari masa ba da saninsa ba.

Duk wanda ke cin abinci da ajiyar mutane, mai bidiyo ne, mai tura finafinai ko mai shagon buga takardu, ya kamata ya gwada kowane sabon filashi da memori kafin ya ɗora masa aikin farko, kuma kada ya goge na asali sai ya buɗe kwafin a wata na'ura ya ga yana aiki har ƙarshe.